Awarwaro biyu da buhun gyaɗa: yadda na kama sana'a bayan rasuwar maigidana

Maigidana ya rasu a farkon shekarar 2023, Allah ya jiƙansa da rahama, ya bar ni da yara uku, babbar tana da shekara tara, ƙaramin ko yaye ban yi masa ba. Wata huɗu da kwana goman takaba ban san farashin ko gishiri ba. Yayan maigidana, wanda yara ke kira Baffa, shi ke aiko da shinkafa da masara, yayana kuma ya ɗauki kuɗin cefane. Amma na san irin wannan hidima, komai kyawun zuciyar mai yinta, raguwa take yi, musamman da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun shekarar, kowa ya shiga taitayinsa. Abin da nake da shi na kaina kawai gwala-gwalaina ne: sarƙa da ɗan kunne na lefe, awarwaro huɗu, da 'yan zobba.

Kafin a yi maganar sana'a sai da aka fara tantance na wane ne wane. Malamin da ya raba gado ya zaunar da mu ya tambayi asalin kowane gwal. Na lefe da wanda marigayi ya ba ni kyauta nawa ne, ba ya shiga gado. Akwai wata sarƙar hannu da ya taɓa kawowa ya ce “ajiye mini wannan”, ita malam ya ce ta magada ce, aka sa ta cikin rabo. 'Yan kunnen 'yata kuwa nata ne, ba ni da ikon sayarwa don jarina. Daga abin da ya bari ni tumuni na samu, kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, mahaifiyarsa ta samu sudusi, ragowar na yara. Kason yaran kuwa, Baffa ne ya riƙe a rubuce da shaidu, aka bar shi a cikin gidan da muke zaune da wani shago da ake haya. Tun ranar na ƙudurta cewa dukiyar marayu ba za ta shiga gwajin kasuwancina ba. In an faɗi, to da nawa aka faɗi.

Daga nan shawarwari suka fara zubowa, kowa da tasa, kuma duk da kyakkyawar niyya. Yayana ya ce in sayar da komai a sayi Adaidaita Sahu a ba direba, kullum yana kawo balas. Na tambayi matan da suka yi hakan a unguwarmu. Wata uku na farko lafiya lau, daga nan sai a fara “yau an kama ni”, “yau inji ya buga”, “yau ba a yi ciniki ba”, ke kuma kina cikin gida ba ki da hanyar gane gaskiya da ƙarya. Jarinki gaba ɗaya yana yawo a titi a hannun wanda ba ki gani. Ga wadda take da ƙane direba mai amana, hanya ce. Ni ba ni da shi.

Ƙanwata ta ce atamfa da leshi daga Kantin Kwari. Sana'a ce mai tsafta, ba hayaƙi ba gumi, amma duk wadda ta yi ta a cikin gida ta san da bashi take tafiya. Mace za ta ɗauki turmi ta ce sai ƙarshen wata, ƙarshen wata ta ce sai ta ɗauki adashi. Mai miji tana iya jira, ni kuwa da kuɗin zan sayi abin kari gobe. Firiza da ƙanƙara da zoɓo ma na so, sai dai wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce, kuɗin sola mai ɗaukar firiza kuma zai cinye gwal ɗin kaf kafin in sayar da leda ɗaya. POS yana buƙatar mai zama a bakin titi da tsabar kuɗi daga safe zuwa dare. Kiwon ragunan layya da ajiye hatsi da kaka duk ciwonsu ɗaya a wurina: kuɗin yana kwanciya wata shida ko fiye, sau ɗaya ake ganin riba a shekara, yara kuwa kullum suke ci.

Da na tace, tambayoyi uku suka rage mini a kan kowace shawara. Zan iya yinta ina ganin 'ya'yana? Kuɗin da na zuba yaushe zai dawo hannuna? In ta lalace, me zai rage? Hajiya, surukata, ita ta kawo wadda ta tsallake duka ukun. Ta ce, “Ke 'yar nan, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na yi wa mijinki kuɗin makaranta. Ƙarfi ne ba ni da shi yanzu, amma ido da hanci suna nan. Ki sayo gyaɗa in nuna miki.” Gaskiya da farko raina bai so ba, don gani nake sana'ar tsofaffi ce. Amma da na lissafa, gyaɗar da aka saya Litinin tana iya zama kuɗi kafin wata Litinin, in kuma ciniki bai yi ba, mai da ƙuli ba sa lalacewa a kwana biyu, a ƙalla mu ci abinmu.

Ranar sayar da gwal tare da yayana muka je wajen masu gwal a cikin gari, na ɗauki awarwaro biyu kacal da rasiɗinsu. Duk macen da za ta yi wannan tafiya ya kamata ta san abin da za ta tarar, don kar gabanta ya faɗi. Mai shago zai fara duba hatimin da ke jikin gwal ɗin ta ciki. In an rubuta 750, karat 18 ne, wato kashi 750 cikin dubu ne zinare. In 875 ne, karat 21, irin wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai. In 916 ne, karat 22. Ba zai tsaya a hatimi ba, zai goga shi a kan wani ɗan baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, ya ga ko zai ɓace. Sannan ya ɗora a sikeli. In akwai duwatsu na ado a jiki, za a cire nauyinsu, domin ba zinare ba ne, alhali ranar da aka saya har da su aka auna. Kuɗin ƙira ma da aka biya lokacin saye ba ya dawowa. Shi ya sa sarƙa mai ƙyale-ƙyale ta fi asara wurin sayarwa, awarwaro lami kuwa ya fi riƙe darajarsa.

Ga yadda lissafin yake, da lamba mai sauƙi ba farashin ranar ba. A ce giram ɗin tsantsar zinare naira 100,000 ne. Gwal ɗinki karat 21 ne, kenan giram ɗinsa ya kama 87,500. Sarƙarki ta auna giram 32, aka cire 4 na duwatsu, saura 28, ya zama 2,450,000. Daga nan mai shago zai rage abin da zai ci, kuma a nan ne shago ya bambanta da shago. Mun zaga shaguna kafin mu sallama, kuma tazarar da ke tsakanin tayin farko da wanda muka karɓa ta isa sayen babban kaskon suya. Abu na ƙarshe, malamai sun ce cinikin zinare hannu da hannu ne, ba a yinsa bashi. Ban bar shagon ba sai da na buɗe asusuna a waya na ga kuɗin sun zauna, ban yarda da saƙon tes kaɗai ba.

Mutane sun tambaye ni me ya sa ban sayar duka na yi babban jari ba. Amsar ta fito da kanta daga baya. Dala da gwamnati ke sayarwa naira ɗari huɗu da wani abu a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin zinare a duniya kuma ya wuce dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2025. Wadda ta sayar da gwal ɗinta duka ta zuba kuɗin a banki tana jiran dabara ta zo, kallonsu ta yi suna narkewa. Gwal ɗin da ke cikin akwati ba zaman banza yake ba, shi ma yana aiki. Don haka ba a taɓa shi sai an san ainihin abin da za a saya da kuɗin, kuma a cikin satin za a saya. Awarwarona biyu da na sayar, da suna nan yau da sun ninka kuɗinsu, kuma wannan lissafi ne da nake sa wa sana'ata a gaba: dole abin da ta kawo ya wuce abin da gwal ɗin zai kawo yana kwance.

Kuɗin na kasa su uku. Kashi ɗaya na kayan aiki: kaskon suya, manyan robobi, faifai, mataci, jarkoki, kwalabe, itace, da gyaran rumfar bayan gida. Kashi ɗaya na gyaɗa. Na ukun ban taɓa shi ba, na bar shi don ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi, saboda abin da ke kashe jarin mace mai marayu ba faɗuwar kasuwa ba ce, asibiti ne da kuɗin makaranta. Injin markaɗe ban saya ba. Akwai mai inji a bakin layinmu, biyansa kowane kwano ya fi mini sauƙi a kan in kwantar da kuɗi a ƙarfe kafin in san ko sana'ar za ta karɓe ni.

Da kwano goma muka fara, Hajiya na zaune a kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni. Darasin farko zaɓen gyaɗa ne. Ta ɗauki ƙwaya ta murza tsakanin yatsu, ta ce in ɓawon ya sulluɓe, ƙwayar ta ƙarye ƙas a haƙori, to ta bushe. In ta lanƙwasa kamar danko, da sauran ruwa a jikinta, kuɗin ruwa za ki biya kuma mai ba zai fita ba. Ta fi son ƙananan ƙwaya irin 'yar Dakar don mai, manyan ta ce na ci ne. Sannan a baza a tsince tsakuwa da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse, ko ta yi fumfuna. Wannan tsinta ita ce aikin da ya fi cin rai, kuma ita ce ba a ha'inci a cikinta. Ruɓaɓɓiyar gyaɗa kaɗan tana sa ƙuli ɗaci, ma'aikatan lafiya kuma suna gargaɗi cewa fumfunar gyaɗa tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, wadda suya ba ta kashewa.

Suya kuma sama-sama ake yi, da wuta madaidaiciya ana juyawa ba tsayawa, har ɓawo ya fara saki, cikin ƙwayar ya yi ruwan ƙasa mai haske. In ta soyu da yawa mai zai yi duhu ya yi ƙauri, in ba ta soyu ba mai zai ƙi fita, ƙuli ya yi gafi. A bar ta ta huce, a murje, a bakace, a kai inji a markaɗa ba ruwa ko ɗigo. Na koyi tsayawa a kan mai inji ya wanke injinsa ya bushe, don in ya gama markaɗen tattasai ya zuba gyaɗarki, ranar kin yi man miya.

Fitar da mai shi ne inda ake gane gwana. Ana zuba markaɗen a turmi ana juyawa da taɓarya, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Da farko abin zai yi kauri ya ƙi juyuwa har ki ce ya ɓaci, sai can ki ga ya fara haɗe jikinsa yana barin gefen turmi, mai yana tsattsafowa yana taruwa a sama. Hajiya takan ɗaga hannu a daidai nan ta ce, “Tsaya, kar ki ƙara ruwa.” In aka zarce, tunkuzar ta saki, man ya koma ciki, ba kuma ya sake fitowa yadda ya kamata. A kwashe man, a ɗora tunkuzar a kan katako mai gangare a matse da hannu har ta daina zuba. Man a ɗora shi a wuta kaɗan ruwan da ke ciki ya ƙone, alamar ya ƙone kuwa ita ce ya daina ƙara da kumfa. Man da aka ɗura a kwalba da sauran ruwa a cikinsa, sati biyu ya fara wari. Tunkuzar a sa mata gishiri, wani kason da sukari da citta da ɗan barkono, a mulmula, a soya a cikin man nata. Wurin suyar ma tana ƙara sakin mai, shi ya sa kaskon yake ƙaruwa maimakon ya ragu.

A hannuna, kwanon gyaɗa mai kyau yana ba da kwalba guda ta mai, irin mai cin kashi uku cikin huɗu na lita, da ƙuli kusan rabin nauyin gyaɗar. Buhu mai kwano 40 kenan yana ba da wajen lita 30. Abin da littafina ya nuna shi ne, a duk naira ɗari da na sa a gyaɗa, mai yana dawo da wajen saba'in, ƙuli wajen hamsin da biyar zuwa sittin. Inji da itace da leda da mota da ladan masu taya ni suna cin sha biyar. Abin da ke saura goma ne zuwa sha biyar. Ba yawa, kuma duk wadda ta ce miki za ki yi kuɗi a wata uku da ƙuli ba ta taɓa tsayawa gaban kasko ba. Daɗinsa kawai, wannan goman duk sati take dawowa. Lissafin ya kuma nuna mini inda ribar take: mai ba ya ko biyan kuɗin gyaɗa, ƙuli ne ke rufe gibin ya bar saura. Matar da manta ke ƙarewa amma ƙulinta na jibge a roba, faɗuwa take yi ba ta sani ba.

Saboda haka kasuwar ƙuli na fara nema, kuma a nan dangi suka yi mini rana. Kawuna ya haɗa ni da masu tsire biyu a unguwarsu, waɗanda kullum suke buƙatar garin ƙuli don yajin nama. Su ba ruwansu da siffa ko ado, gari suke so mai laushi marar ɗaci, kuma duk sati suke saya. Wani mai kilishi yana karɓar tunkuza ɗanya don haɗa labu, wannan ko wahalar suya ba na yi. Man kuwa mai ƙosai da mai awara na layinmu suna ɗauka, sauran ƙanwata ke tallata shi a WhatsApp ga matan ofishinsu. Wani babban kanti ya so in riƙa kawo ƙuli a leda mai suna, amma sun ce sai da lambar NAFDAC, wannan kuma na ajiye shi sai gaba. Talla dai na rantse 'yata ba za ta ɗauka ba. Ƙanen maigidana ne ke kai kaya a babur ranar Asabar, ina biyansa kuɗin mai da ɗan abin sabulu.

Maganar dangi tana da wuyar faɗa, amma sai an faɗe ta. Wani ɗan uwa da nake ganin girmansa ya zo ya ce, “Ki kawo sauran gwal ɗin in juya miki a kasuwa, duk wata in riƙa ba ki wani abu.” Na san ba cuta ya nufa ba. Na tambayi malam, ya ce in za a yi, to a yi shi ƙiradi na gaskiya: a rubuta jari, a yanka rabon riba kashi-kashi, ba wani adadi tsayayye duk wata ba, a kuma san cewa in aka yi asara ba da sakacinsa ba, mai kuɗi ce ta yi asara. Da na ji haka na ce masa, “Yaya, Allah ya saka da alheri, ka bar ni in fara rarrafe tukuna.” Ra'ayina shi ne, ɗan uwa ya ba ki hannunsa da ƙafarsa da mutanen da ya sani, amma jarin ya kwana a ɗakinki. Kuɗi in ya maƙale a hannun bare kya iya kai ƙara, in ya maƙale a hannun baffan 'ya'yanki sai dai ki haɗiye.

Na kuma koyi roƙon abu takamaimai. Maimakon “a taimaka mana”, na ce wa Baffa ya riƙe kuɗin makarantar manyan biyu daga hayar shagonsu, yana rubutawa, abin da ya gaza ya cika. Gwaggon yara tana ɗaukar ƙaramin ranar suya, don ba na kunna wutar mai da yaro a tsakar gida, sai sun tafi islamiyya. 'Yan matan gidan Hajiya biyu da ke taya ni tsinta da mulmula biyansu nake yi a ranar, ko sun ce a bari, saboda aikin kyauta sati uku yake yi a fara ciwon kai. Bashin dangi kuma na toshe shi da kyauta: duk wadda ta zo ina ƙulla mata ƙuli a leda ta kai wa yara, amma mai, ko Hajiya ce ta aiko, da kuɗinsa ake zuwa. Ita ce ma ta kafa dokar.

Da kakar 2024, bayan sana'ar ta shekara tana juyawa, na sayar da zobba biyu na haɗa da abin da na tara, yayana ya sayo mini buhunan gyaɗa a kasuwar Dawanau lokacin da sabuwa ta bushe farashi ya sauka. Wannan ya bambanta da ajiye hatsi don jiran tsada. Waɗanda suka tara masara da nufin sayarwa sun sha kashi a 2025 da farashin abinci ya faɗo. Ni ko farashi ya hau ko ya sauka, sarrafa tawa zan yi, abin da na saya shi ne kwanciyar hankalin watannin bazara. Iya ta wata huɗu na saya, don gyaɗa ɓararriya in ta daɗe tana canja ɗanɗano. Na jera buhunan a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo, duk sati ina zura hannu cikin buhu in ji ko ya yi ɗumi ko ya fara warin gumi.

Yanzu buhu biyu nake sarrafawa a sati, uku in azumi ko salla ta matso. Yana ɗaukar cefanenmu da sabulu da kuɗin islamiyya da zubin adashi, bai kai ga kuɗin makarantar boko ba tukuna. Malam ya tuna mini cewa gwal ɗin kwalliya a mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar masa da zakka, amma wanda ya koma jari ya zama dukiyar kasuwanci, in ya kai nisabi shekara ta zagayo sai an yi lissafi. Sarƙar lefe da awarwaro biyu suna nan. Abin da nake aunawa a yanzu shi ne injin juya tunkuza, don taɓarya ta fara taɓa mini kafaɗa, kuma da hannu ba zan wuce buhu uku ba. Na sa a tambayo mini farashinsa wurin masu ƙira, na kuma fara tambayar matan unguwa masu ƙuli ko za su riƙa kawo nasu markaɗen ina juya musu suna biya. In sun kai biyar, adashin da zan ɗauka bayan salla zai saye shi ba sai na buɗe akwati ba.